Shafin biya ya tsaya: kafin lambar OTP ne ko bayanta?

"Assalamu alaikum. Jiya da dare na shigar da bayanan katina a waya don biyan kuɗin makarantar ɗana, naira 48,500, sai shafin ya yi ta juyawa har na gaji na rufe shi. In sake biya ne ko in jira?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Amsar ta rataya ne a kan matakin da shafin ya tsaya, domin tsayawa iri biyu ce, kuma ko da yake a fuskar waya kamarsu ɗaya, abin da ke faruwa a wajen banki ya bambanta ƙwarai.

Ta farko ita ce wadda take zuwa bayan an rubuta lambar kati da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun da ke bayansa, amma kafin a shigar da OTP, wato lambar sirri ta amfani sau ɗaya da banki ke turo wa mai katin. A wannan gaɓar shafin yana ƙoƙarin miƙa mai biya ga bankinsa ne don a tabbatar shi ne mai katin, tsarin da ake kira 3-D Secure. Galibi rashin ƙarfin intanet ne ke hana wannan taga buɗewa, ko kuma an buɗe shafin daga cikin WhatsApp ko Facebook maimakon Chrome. A mafi yawan lokuta ba a taɓa kuɗi ba tukuna, tunda banki bai sami amincewar mai asusu ba. Na ce mafi yawan lokuta ne saboda akwai shafukan da ba sa neman OTP, musamman inda aka taɓa ajiye katin a baya.

Ta biyu ita ce mai sa mutum ya biya sau biyu, wato shafin ya tsaya bayan an shigar da OTP an tura. A nan mai yiwuwa banki ya amince ya cire kuɗin, kamfanin da ke sarrafa biyan ma ya karɓa, saƙon nasara ne kawai ya kasa dawowa wayarka. Rufe shafin ba ya soke komai, domin sanarwar da makaranta take samu tana bi ne kai tsaye daga na'urar kamfanin zuwa tata, ba ta hanyar wayarka ba.

Saboda haka ka fara tuna ko ka shigar da OTP jiya. Daga nan ka duba asusunka ta manhajar banki ko ta USSD, kada ka dogara da rashin ganin alat, domin saƙon tes kan yi jinkiri ko ma ya ƙi zuwa. Ka lura da adadi biyu idan bankinka yana nuna su: Available Balance, wato kuɗin da za ka iya kashewa yanzu, da Ledger Balance, wato jimillar kuɗin da ke rubuce a asusun har da wanda aka riƙe. A ce kana da naira 120,000 kafin biyan. Idan Available Balance da Ledger Balance duk suna nan a 120,000, kuma dare guda ya wuce, babu abin da ya fita, kana iya sake biya hankali kwance. Idan Available Balance ya koma 71,500 alhali Ledger Balance bai motsa ba, an riƙe kuɗin ne, ko dai a kammala cirewa ko a sake su, kuma wanda ya sake biya a wannan hali zai iya wayar gari an cire masa 97,000.

Idan kuɗi sun fita, sai ka koma wajen mai karɓa. Ka duba imel ɗin da ka bayar ko rasit ya shigo, har da akwatin Spam, sannan ka shiga shafin makarantar ka nemi maɓallin da ake rubuta wa Requery ko Verify Payment, wanda ke sa shafin ya sake tambayar matsayin biyan. Idan da lambar RRR aka yi biyan, wato lambar biya da tsarin biyan kuɗi na Remita ke fitarwa, da wannan lambar ake duba matsayinsa, kuma kada ka fitar da sabuwa, domin za ta zama wani biya daban wanda ba ruwansa da na farko. Successful na nufin an gama, sai ka fitar da rasit. Pending na nufin jira. Failed tare da cire kuɗi kuwa, maido su ake yi, kuma tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade sa'o'i 72 don warware irin wannan matsala ta biya a intanet ko POS.

Wanda wa'adin rufe rajista ya matse shi, ina ganin gara ya kai wa ofishin kuɗi na makaranta hoton cirewar tare da lambar shaidar cinikin, maimakon ya biya na biyu. Kuɗin da aka cire bisa biyan da ya gaza sukan dawo da kansu, amma biya biyu da suka yi nasara duka sun shiga asusun makaranta, banki ba zai maido su haka kawai ba, sai ka rubuta takardar neman a mayar maka ka jira. Idan sa'o'i 72 sun cika ba a maido ba, ka kai ƙorafi a rubuce ga bankinka, da rana da lokaci da adadin kuɗin da lambobi huɗun ƙarshe na katin, ka karɓi lambar ƙorafin ka ajiye.