Maifai ɗin da na saya ta hoto: wata uku da Huawei E5573Cs-322

Shagona na buga takardu da cike fom ne a Zariya, kuma duk ranar da sabis ya yi ƙasa, ranar ciniki ya tsaya. Shi ya sa na shiga neman maifai na hannu, wato ƙaramar na'urar da ake sa wa sim ta raba intanet ta waifai, wanda zan riƙa canza masa layi yadda na ga dama. Wani mai sayarwa a Kano ya turo mini hoto ta WhatsApp: ɗan ƙaramin akwati fari, maɓalli ɗaya, fitilu biyu, ba allo. Ya rubuta a ƙasa, "Yallaɓai, wannan kowane sim yake ci."

Daga hoton na gane dangin, ban gane ɗan ba. Fitilu biyu, ta sabis da ta batir, ba tare da allo ba, kamannin E5573 ke nan. Da E5577 ne da an ga ɗan allo a fuskarsa. Sai dai E5573 suna ne na gida guda mai 'ya'ya da yawa. Akwai E5573s-320, akwai E5573s-606, akwai E5573Cs-322, duk kusan fuska ɗaya, amma cikinsu ya bambanta. Na ce ya ɗauko mini gefensa. Babu ɗan murfin da ke rufe ramukan eriya biyu, abin da ya sa na karkata ga mai "Cs", domin shi ne ba a yi masa waɗannan ramuka ba. Tambarin da ke kan murfi kuwa ban ba shi muhimmanci ba. Murfi a kasuwa ake sayensa, ana iya ɗora na wannan a kan wancan.

Hoto na uku shi ne mai amfani. Na ce ya buɗe baya, ya cire batir, ya ɗauki takardar da aka manna a ƙarƙashinsa. A nan ake samun cikakkiyar lambar samfuri, da IMEI, lambar shaidar na'urar mai lamba 15, da sunan waifai da makullinsa. An rubuta E5573Cs-322 ɓaro-ɓaro. Wani abu da na lura da shi a gefe: mutane na watsa irin wannan hoto a zaurukan WhatsApp suna tambayar wane iri ne, ba su rufe komai ba. Lambobi 8 na farkon IMEI su ne ke nuna samfurin, sun wadatar. Sauran da makullin waifai a sa yatsa a kai.

To ko takardar ta faɗa mini yana karɓar sim ɗin wasu kamfanoni? A'a. Kulle ba ya jikin roba, ba ya jikin takarda, a manhajar ciki yake. Na'urori biyu masu lamba iri ɗaya, ɗaya na iya kasancewa a buɗe, ɗaya a kulle ga kamfanin da ya fara sayar da ita. Don haka na ƙi tura kuɗi. Na ba ƙanena da ke karatu a Kano aika, ya je da sim uku a aljihu, ni kuma ina kan waya.

Gwajin ba wuya. A kashe na'urar, a sa sim, a kunna, a haɗa waya da waifai ɗinta, a buɗe burauza a rubuta 192.168.8.1. Idan ba a canza ba, sunan shiga da kalmar sirri duk admin ne. Na fara sa shi ya duba Device Information, don in tabbatar sunan da na'urar ke kiran kanta ya yi daidai da na takarda. Ya yi. Mai shagon yana da guda biyu, shi ma bai san bambancinsu ba, don a dunƙule ya saye su. Ta farko ana sa mata baƙon sim fitilar sabis ta tsaya a ja, shafin ya tsallake zuwa inda ake neman lambar SIMLOCK, yana nuna saura gwaji nawa. Irin waɗannan na'urori gwaji 10 suke bayarwa, idan aka ƙarar da su da lambobin cinke, ƙofar lamba ta rufe, sai dai a kai wa masu filashin. Wannan saura 4 ta nuna, alamar wani ya riga ya yi ta lalube. Na ce a ajiye ta. Ta biyu ta karɓi sim ukun ba ta tambayi komai ba, ita na saya.

Bayan ta iso hannuna ne na koyi cewa "a buɗe yake" da "yana aiki da kowane layi" ba magana ɗaya ba ce. Da sim ɗin MTN ta hau 4G nan take. Da na sa Airtel, fitila ta nuna akwai sabis, waya ta haɗu da waifai, amma shafi ko ɗaya ya ƙi buɗewa. Na ɗauka kulle ne ya dawo. Ashe tsohon mai ita ya bar APN na layinsa, wato adireshin da na'ura ke bi ta shiga intanet ɗin kamfani, a matsayin zaɓaɓɓe. Na shiga Settings, Dial-up, Profile Management, na ƙirƙiri sabo da internet.ng.airtel.com, shi ke nan ta tashi. Alamar da ke raba su a fili take: na'urar da ke kulle ba ta ma yin rajista da netwok, lamba take nema. Wadda APN ya dama kuwa tana nuna sunan kamfani da sandunan sabis, data ce kawai ba ta wucewa.

Na Glo ya fi ɗaukar mini lokaci. Na sa gloflat a APN, intanet ya zo, amma a shagona 3G kawai take kamawa, alhali wayar maƙwabcina a kan teburi ɗaya tana nuna 4G. Wanda ya taso da rediyo zai gane wannan da sauri: akwatin da FM kaɗai yake kamawa ba zai jiyo tashar gajeren zango ba, ko an buɗe shi ko ba a buɗe ba. 4G ma zango-zango ne, kuma samfurin 322 yana kama B1, B3, B7, B8 da B20. Glo kuma ta fara 4G ɗinta a 2016 a kan zangon 700, wato B28, wanda babu shi a jerin. Babu lambar buɗewa ko filashin da zai ƙara wannan zango, abin a ƙarfen na'urar yake. Haka ma sim ɗin Spectranet, mai aiki a B40, ba zai yi a cikinta ba. Da Glo ne babban layina, da wani samfurin na nema tun farko, kuma da hoton takardar nan kaɗai ya isa ya gaya mini haka kafin ƙanena ya hau adaidaita.

Sauran abubuwa kaɗan ne. Babban sim take ɗauka, don haka ƙaramin sai an sa shi a firam. A zura a hankali, gefen firam na iya maƙale allurar ramin ya lanƙwasa ta. Batirin 1500mAh ne, kuma nawa ya sha jiki a hannun mai shi na farko, wajen awa biyu yake yi idan kwamfuta da waya biyu suna kai, sai na sayi sabo. Rashin ramin eriya ya dame ni a cikin shago mai rufin kwano, sai da na rataye ta a jikin taga da doguwar wayar caji.

A wata ukun nan MTN ke ciki kullum, Airtel na cikin aljihun tebur don ranar da aka samu tangarɗa, canjin kuma bai wuce minti biyu ba. Sim ɗin Glo na mayar da shi waya.