Garin perkarbonat a layin karo: abin da yake wankewa, abin da ya fi ƙarfinsa, da dalilin hattara a kan marmara

Duk wanda ke da karo, wato tayil ɗin daɓe, a gida a Garwa ko Marwa ya san yadda abin yake. Fuskar karon tana walƙiya, amma siririn layin siminti da ke tsakani, wanda masu sa karo ke cewa juwan, ya rine ya koma ruwan ƙasa, a madafa ma ya kusa zama baƙi. Ƙurar hunturu ta shiga, maiƙon girki ya biyo baya ya liƙe ta, sannan tsumman goge ƙasa yana ta tura ruwan datti cikin layin kullum, domin layin ya ɗan fi karon zurfi kuma siminti yana shan ruwa. Na yi amfani da garin perkarbonat a madafa mai mita 3 da mita 4, mai karo fari na santimita 40, kuma hukuncina shi ne garin ya cancanci kuɗinsa, matuƙar an san irin dattin da ake faɗa da shi.

Garin fari ne mai ɗan tsaki-tsaki, kamar omo mara ƙamshi. Shi ne ke cikin yawancin garin cire tabon tufafi da ake tallata shi da sunan oksijin. Idan ya shiga ruwa yakan rabu gida biyu: ruwan oksijene, irin wanda ake wanke ciwo da shi yana kumfa, da kuma soda, ɗan'uwan kanwa. Sodar ce ke narkar da maiƙo, oksijin ɗin kuma shi ke kashe launin tabon miya, shayi, manja da baƙin funfuna. Ba asid ba ne, saboda haka ba ya cin simintin layin. Wannan kaɗai ya sa na fifita shi a kan asid ɗin da aka saba zubawa.

Ga yadda aikin ya tafi. Karo na santimita 40 yana da layi kimanin mita 5 a kowace murabba'in mita, ke nan madafar tana da layi mai tsawon kusan mita 60. Kada a raina wannan, aikin rabin yini ne a durƙushe. Da farko a share ƙasa tas, a goge da ruwa zalla, don kada garin ya ƙare ƙarfinsa a kan ƙurar sama. Sai a auna cokali uku na cin abinci, wato kimanin giram 50, a zuba a lita ɗaya ta ruwa mai zafi. Zafin da ake so shi ne tsakanin digiri 40 da 60, wanda hannu zai taɓa amma ba zai daɗe a ciki ba. A ruwan randa garin ba ya narkewa sosai kuma ba ya tashi, mutum ya ce kayan jabu ne alhali ruwan ne bai yi ba. A tafasasshen ruwa kuma yakan yi kumfa ya zubar da oksijin ɗinsa a cikin bokiti kafin ya kai ƙasa. A dama har sai tsakin ya ɓace, a sa safar roba, domin yana busar da fata.

Lita ɗaya-ɗaya ake haɗawa. Lita uku, giram 150 na gari, su suka ishi madafar duka. Haɗin ba ya ajiyuwa, bayan 'yan awoyi ya zama ruwan soda kawai, kuma kada a kuskura a rufe shi a gora, iskar da yake fitarwa tana iya fasa ta.

Inda aikin ke ci ko ya faɗi shi ne lokacin jira. A zuba ruwan a kan layin har ya kwanta, a bar shi minti 15 zuwa 20, kuma dole layin ya zauna a jiƙe duk tsawon wannan lokaci. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ruwan yakan bushe cikin 'yan mintuna, dattin da ya taso ya koma inda ya fito, ya bar farin gishiri a kai. Shi ya sa ya fi kyau a yi aikin da sassafe, a kashe fanka, a ɗauki murabba'in mita biyu kawai a lokaci guda, ana ƙara yayyafa haɗin idan wuri ya fara shanyewa. Za a ga ƙananan kumfa suna tasowa daga layin, ruwan yana komawa launin kunun kanwa. Sai a bi da burushi mai taurin roba, siriri, ana gogawa tare da tsawon layin. Burushin ƙarfe yana kankare simintin, yana kuma barin ɓurɓushin da zai yi tsatsa daga baya.

Bayan gogewa a tsane ruwan dattin nan take da soso ko tsohon tawul, a ɗauraye sau biyu da ruwa mai tsabta, ana sauya ruwan bokitin. Wanda ya yi ɗauraya ɗaya zai ga karon ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, ƙafa kuma tana ɗan kamawa. Ragowar soda ce, ruwa kawai take so. Kuma kada a yanke hukunci sai washegari, jiƙaƙƙen siminti kullum ya fi busasshe duhu.

A tsakiyar madafar zagaye ɗaya ya isa, layin ya dawo launinsa na asali. A gaban murhun gas, inda mai ya shekara yana fantsama, sai da aka maimaita, a zagaye na biyu da kwaɓi mai kauri, gari da ɗan ruwan zafi, aka bar shi minti 30 a ƙarƙashin leda don kada ya bushe. Amma a ƙarƙashin famfo, inda ruwan foraj, wato rijiyar burtsatse, ke ɗiga, akwai jan tabo da bai ko motsa ba. Tsatsa ce, ƙarfen da ke cikin ruwa ne ya zauna, kuma perkarbonat ba ya taɓa ta. Jabel ma, ruwan kulorin nan na faranta tufafi, ba ta cire tsatsa, ƙara kafa ta take yi. Haka nan farin ɓawon da ruwa mai gishirin ƙasa ke bari, shi ma ya fi ƙarfin garin. Akwai kuma gaskiyar da masu gida ba su son ji: idan mai sa karo da simintin gini mai toka-toka ya cike layin tun farko, babu wankin da zai mai da shi fari. Sai dai a kankare aƙalla kashi biyu cikin uku na zurfinsa a cike da farin simintin juwan.

Abin da ya fi damuna shi ne asid ɗin nan da ake saye a kinkayeri, wato shagon kayan gini, wanda magina ke wanke siminti da shi. Yana ba da fari nan take, shi ya sa ake sonsa, amma ba wankewa yake yi ba, fatar simintin yake cinyewa ya fito da ta ƙasa. Kowace zubawa layin yana ƙara zurfi, yana ƙara rami-rami, datti yana samun wurin zama fiye da da. Alamar layin da asid ya ci ita ce, idan aka kai farce sai yashi ya biyo. Vinegar da lemon tsami ma hanyarsu ɗaya, a hankali dai suke yi. Kuma kada a taɓa haɗa asid ko vinegar da jabel, ko a zuba ɗaya a bayan ɗaya ba ɗauraya. Iskar kulorin da ke tashi tana iya kayar da mutum a rufaffen banɗaki.

A kan dutsen asali kuwa magana ta sauya. Marmara irin wadda ake haƙowa a yankin Figil, da farar ƙasa mai tauri da ake shimfiɗawa, da tsohon daɓen garanito mai tsakuwoyin marmara a ciki, duk jikinsu ɗaya ne da alli da ɓawon ƙwai. Asid yana narkar da su kai tsaye. Ɗigon lemon tsami ɗaya a kan gogaggiyar marmara yakan bar dusasshen wuri mai ɗan kaushi, wanda mutane ke ɗauka tabo ne su yi ta wankewa. Ƙuna ce, ba ta fita da wanki sai an sake goge dutsen. Wanda bai tabbata ko abin da ke ɗakinsa marmara ce ko karo mai zanen marmara ba, ya nemi guntun da ya rage lokacin aiki, ya ɗiga vinegar a bayansa ko a karyayyen gefe. Idan ya yi ƙananan kumfa, dutsen da asid ke ci ne. Giranit ya fi juriya, amma wasu magungunan cire tsatsa suna ɗauke da asid mai cin gilashi, kuma wannan yana dusar da giranit ma.

Perkarbonat ba ya ƙona marmara yadda asid ke yi, amma ban yarda a malala shi a kanta kamar a karo ba. Sodarsa tana da ƙarfi, tana cire man kariyar da aka shafa wa dutse, idan aka yawaita kuma sheƙi yana raguwa. Oksijin ɗinsa yana iya kwashe launin baƙar marmara ko giranit mai duhu ya bar wuri mai haske. Idan dutsen fari ne kuma layin ya yi muni, a rage haɗin zuwa cokali ɗaya a lita, a gwada a bayan ƙofa, a jira kwana ɗaya a duba. In babu canji, a sa shi a layin kaɗai da tsohon burushin haƙori, minti biyar, a share abin da ya hau dutse nan da nan, a ɗauraye sosai. Dutse mai duhu kuwa ruwan ɗumi da ɗigo kaɗan na sabulun wanke kwano ya ishe shi. Kanwa, toka, yashi da soson ƙarfe duk a nisanta su: marmara tana da laushin da wuƙa ke iya zana ta, yashin da ke cikin kanwar kasuwa kuwa ya fi ta tauri nesa ba kusa ba.

Idan layin ya yi fes, a bar shi ya bushe kwana biyu, sannan a ɗiga masa ruwa. In ya shanye ya yi duhu nan take, yana buƙatar man hana shan ruwa, wanda ake cewa idurofuj. A shafa da siririn burushin fenti a layin, a goge abin da ya hau karo kafin ya bushe, in ba haka ba zai bar dusasshen shafi a gefen kowane karo. Wanda aka shafa a kan jiƙaƙƙen layi yakan yi fari-fari kamar madara, sai an cire a sake.