Hattara da mai saye da ke turo hoton biyan kuɗi

Jama'ar Damagaram masu tallar kaya a Facebook da WhatsApp, a yi hattara. Wani yaron unguwarmu a Zango ya rasa salula da jaka 10 a kai, kuma da ya nuna mini hirarsu, na ga alamun damfarar tun daga farko.

Ya sa wayar jaka 85. Mai sayen bai taya ba, bai tambayi lafiyar batir ba, sai cewa ya yi: “Ƙanena, na saya, turo lambarka.” Wanda zai fitar da kuɗin guminsa, ko a kasuwar Dole ne, sai ya nemi ragi.

Ba a jima ba ya turo hoto wai ya biya jaka 95. “Na yi kuskure, jaka 10 ta hau. Ka ba ɗan kabu-kabun da na aiko, ka haɗa masa da wayar.” Saƙon tes ma ya shigo, wai an zuba kuɗi. Nan ya kamata yaron ya tsaya. Saƙon ya fito ne daga lamba mai alƙaluma 8 irin ta kowa, alhali saƙon kamfani da sunan kamfanin yake zuwa, ya faɗa ƙarƙashin tsofaffin saƙonninsa. Shi kuwa hoto, ana ɗaukar tsohon rasit a canza suna da adadi da lokaci, ido bai cika ganewa ba. Ko da sunan kamfani saƙo ya zo, bai isa shaida ba. Ka buɗe asusunka da hannunka, Airtel Money ne ko MyNita ko waninsu, ka ga ko kuɗinka sun ƙaru. In ta ofishin aika kuɗi aka ce an turo, je ka karɓa a hannu tukuna.

Da yaron ya ce bari ya duba, sai matsi ya fara. Kira a kan kira. “Motar Agadas za ta tashi.” “Matsalar sadarwa ce, za su shigo anjima.” Daga baya har da fushi: “Haba ƙanena, ni sa'an babanka ne, ɓarawo ka ɗauke ni?” Wannan ce ta fi ɓata mini rai, domin da tarbiyyar yaron aka cuce shi. Kunya ta kama shi, ga ɗan kabu-kabu tsaye a ƙofar gida, ya ce: “Yi haƙuri Alhaji,” ya miƙa waya da kuɗi. Kafin magariba an toshe shi.

In hakan ta same ka, kada ka goge hirar. Ɗauki hotonta da lambar da aka yi amfani da ita, ka kai wa ƴan sanda, ka sanar da kamfanin da masu kula da zauren da ka yi tallar. Lambar sirrinka kuwa, ko wadda ta shigo maka ta tes, kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce da ita za a saki kuɗin.