Waya mita 60: shinge a fili fetal da shinge a jikin katanga

"Salamu alaikum 'yan uwa. An koya mana cewa murabba'i ne ya fi kowane fili mai kusurwa huɗu girma idan tsawon wayar ɗaya ne. To amma na yi wani lissafi na waya mita 60 da aka jingina da katanga, sai amsar littafi ta fito 15 da 30. Wanne ne daidai?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Duka biyun daidai ne, domin ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Bari mu jera su da wayarka ta mita 60 ɗin, ka ga inda suka haɗu da inda suka raba hanya.

Mu fara da fili fetal, inda waya za ta zagaye ɓangarori huɗu. Ka kira faɗi x, tsawo y. Wayar ta ba mu 2x + 2y = 60, wato y = 30 − x. Girman fili shi ne faɗi sau tsawo, don haka A = x(30 − x) = 30x − x². Ka lura, kafin mu taɓa deribatif sai da muka kawar da y, ya rage harafi ɗaya. Da yawa a nan suke tuntuɓe: su ɗauki A = xy haka nan, su ɗauki y kamar adadi ne tsayayye, alhali duk mitar da ka ƙara wa x daga wurin y ka karɓo ta.

Deribatif yana gaya maka yadda A ke canzawa idan ka ɗan ƙara x. A nan dA/dx = 30 − 2x. Idan x mita 5 ne, yana ba da 20, ma'ana filin yana ta ƙaruwa, ka ci gaba. Idan x mita 20 ne, yana ba da −10, ma'ana ka zarce, filin ya fara raguwa. Ƙololuwa tana wurin da hawa ya ƙare, gangara ba ta fara ba, wato inda 30 − 2x = 0. Sai x = 15, y = 15, filin kuma murabba'in mita 225. Gwada na kusa da shi ka gani: 14 sau 16 ya ba da 224, 10 sau 20 ya ba da 200.

A jikin katanga kuwa matakan su ne dai, layin farko kaɗai ya sauya. Katanga ta ɗauke maka ɓangare ɗaya, waya za ta rufe uku: biyu masu fitowa daga katanga, kowanne x, da ɗaya mai fuskantar ta, y. Sai 2x + y = 60, y = 60 − 2x, A = 60x − 2x². Deribatif ɗinsa dA/dx = 60 − 4x, wanda ke zama sifili a x = 15. Ke nan y = 30, filin murabba'in mita 450, ninki biyu cif na wancan. Da ka nace sai murabba'i a jikin katangar, 20 sau 20 za ka yi, ka samu 400, ka yi asarar 50 a banza.

Me ya sa siffar ta sauya? A fili fetal kowace mita ta faɗi tana cin waya mita biyu, ta tsawo ma haka, don haka babu wanda ya fi wani tsada, sai su tashi daidai wa daida. A jikin katanga mitar x tana cin waya biyu, mitar y tana cin ɗaya. Tunda y ya fi araha, shi lissafi ya fi miƙawa. Amma ka ƙirga wayar da kowace fuska ta ci. A na farko, 30 ta tafi a faɗi, 30 a tsawo. A na biyu, x guda biyu sun ci 30, y ya ci 30. Rabi da rabi a duka biyun. Ni wannan nake so ɗalibi ya riƙe, ba "amsa murabba'i ce" ba, domin shi ba ya ba da kunya ko da an tsaga filin gida biyu da waya a tsakiya: 3x + 2y = 60 zai ba ka x = 10, y = 15, fili 150, kuma nan ma 30 da 30 ne.

Af, murabba'in ma bai ɓace ba, ɓoyewa ya yi. Ka ɗauka katangar madubi ce. Filinka mai 15 da 30 tare da hotonsa na cikin madubi sun haɗa murabba'i mai 30 da 30, wanda waya mita 120 za ta zagaye. Kai rabinsa ka mallaka.

Saura abu biyu da mai gaggawa kan tsallake. Na farko, dA/dx = 0 bai ce ka hau ƙololuwa ba, yana iya zama ƙasan kwari. Deribatif na biyu ne ke raba gardama. A fili fetal d²A/dx² = −2, a jikin katanga −4, duka ƙasa da sifili, don haka mafi girma ne. Don ka ga ba ɓata tawada ba ne, yanke wayar gida biyu ka yi murabba'i biyu, ɗaya mai gefe a, ɗaya mai gefe 15 − a. Jimillar fili A = a² + (15 − a)², dA/da = 4a − 30, sifili a a = 7.5. Wanda ya tsaya nan zai ce ya gama, alhali deribatif na biyu +4 ne. Abin da ya samu, 112.5, shi ne mafi ƙanƙanta. Mafi girma shi ne kada ka yanke wayar sam, ka koma 225.

Na biyu, amsar 15 da 30 ta ɗauka katangar ta kai mita 30. A ce tsawonta mita 24 ne kawai. To y ba zai wuce 24 ba, wanda ke tilasta x ya zama aƙalla 18, kuma x = 15 ya fita daga abin da zai yiwu. A x = 18 deribatif yana ba da 60 − 72 = −12, kuma yana ƙara nutsewa yayin da x ke girma, ma'ana duk ƙarin x ragi ne. Sai ka tsaya a bakin iyaka: 18 sau 24, murabba'in mita 432, duk da cewa deribatif bai zama sifili a wurin ba. Shi ya sa nake rubuta iyakokin x tun kafin in fara, sannan in lissafa A a iyakokin in gwama da wanda deribatif ya bayar.

Duk wannan kuma a kan sharaɗin fili mai kusurwa huɗu ne. Idan tambaya ta sake maka mara ka lanƙwasa wayar yadda kake so, da'ira ce kan gaba: mita 60 a fili fetal za ta kewaye kusan murabba'in mita 286, rabin da'ira a jikin doguwar katanga kuma kusan 573.