Daga aji zuwa kamfani: horar da ma'aikata ko kula da ayyuka?

"Shekarata 44, na yi shekara 16 ina koyarwa a sakandare, huɗu daga ciki ni ce mai kula da jarrabawa. Ina so in koma kamfani. Wasu sun ce in nemi aikin horar da ma'aikata, wasu sun ce jami'ar kula da ayyuka. Wanne ya fi kusa da ni?"

Malama, sannu da ƙoƙari. Kafin ki zaɓa, ki duba abu nawa za ki canza a lokaci guda. Kowane aiki abu biyu ne: abin da kike yi da hannunki kullum, da fagen da kike yinsa. Idan kika zama mai horar da ma'aikata, fagen kawai kika canza, koyarwar tana nan. Idan kika koma kula da ayyuka, duka biyun kika canza, kuma mai ɗaukar aiki zai ga haka tun a layin farko na takardarki.

A ɓangaren horarwa, tsara darasi, tsayuwa gaban mutane, gane wanda bai fahimta ba tun daga fuskarsa, duk kina da su. Abin da ba ki saba ba shi ne yadda kamfani ke auna nasara. A makaranta, idan ɗalibi ya ci jarrabawa an gama. A kamfani ana yawan bin matakai huɗu na Donald Kirkpatrick, wanda ya fitar da su a 1959: ko mahalarta sun gamsu, ko sun koya, ko sun canza yadda suke aiki, sannan ko kamfanin ya ga amfani. Malamai sun ƙware a na biyu, amma a intabiyu na uku da na huɗu ake tambaya. Haka kuma babban mutum ba ya zama a aji don tsoron bulala ko maki. Idan bai ga abin da zai yi da darasin gobe da safe ba, wayarsa zai ɗauko.

Kula da ayyuka kuwa, a nan shekarun nan huɗu na jarrabawa suke da daraja, kuma ina jin ba ki san darajarsu ba. Jarrabawa tana da ranar farawa da ta gamawa, da jadawali, da masu sa ido da dole a raba musu aiki, da tanadin abin da za a yi idan takardu suka makara. Wannan shi ne ainihin aikin, sunansa kawai ya bambanta. Giɓinki yana wajen kuɗi da 'yan kwangila: wataƙila ba ki taɓa riƙe kasafi ba, ba ki taɓa bin mai kawo kaya da ya saɓa alkawari ba. Ga kuma batun satifiket. Cibiyar PMI, mai ba da satifiket na kula da ayyuka, tana neman wata 36 na jagorantar ayyuka ga mai digiri, da awa 35 na karatu, kafin a zauna jarrabawar PMP, wato satifiket ɗinta na ƙwararru. Ƙanwarta CAPM awa 23 na karatu take buƙata, ba a neman gogewa, amma ƙaramin matsayi take buɗewa, kuma sau da yawa a nan albashi ke raguwa.

Kada ki tsaya a maganata, ki gwada da kanki. Ki tara tallan aiki goma na kowane ɓangare, ki kwafe duk abin da suka ce suna nema, ki raba shi gida uku: na taɓa yi kuma ina da shaida, na taɓa yi da wani suna, ban taɓa yi ba. Abin da ya fito a talla ɗaya ko biyu ki ƙyale shi. Wanda ya maimaitu a bakwai ko takwas, in ya faɗa gida na uku, shi ne zai hana a kira ki. Gida na biyu kuma sake rubutu yake so. Maimakon "mai kula da jarrabawa", ki rubuta, misali, "na tsara jadawalin ɗalibai 600 da masu sa ido 30 na mako uku, kowane zango", da lambobinki na gaskiya.

Akwai alamar da za ta nuna miki inda matsalar take. Idan kin aika takarda ashirin ba a kira ki ba ko sau ɗaya, harshen takardar ne bai kai ba, ko kuma kin nemi abin da ya yi miki nisa. Idan ana kiranki amma kina faɗuwa a intabiyu, misalanki ne har yanzu suke warin aji.

Ni horarwa zan ce ki fara nema, don da matsayinki za ki shiga, ba daga ƙasa ba, kuma daga ciki ya fi sauƙi ki karɓi ƙananan ayyuka ki tara watannin nan 36. Sai dai in tsayuwa gaban mutane ce ta gajiyar da ke. In haka ne, horarwa aji ce da ta sake kaya, gara ki ɗauki CAPM ki amince da ja baya na ɗan lokaci.