Telana ya fara ba da ranar karɓar ɗinki

Bara sai daren sallah na karɓi ɗinkina, shi ma babu maɓalli a hannun rigar. Mun kai mu goma tsaye a ƙofar shagon, tela na taka keke yana ba mu haƙuri, yaransa na tona tulin yadi suna neman na wane da wane. Na tafi da niyyar ba zan dawo ba. Kyan yankansa ne ya dawo da ni bana.

Da na kai yadi, kafin ma ya ɗauki awo sai ya buɗe wani littafi. Ya ce ya zauna ya yi lissafi: shi da yaransa biyu, riga da wando 4 suke iya gamawa a rana, har da guga. Kwanakin aiki 24 suka rage, wato ɗinki 96 ke nan. Amma 80 kawai zai karɓa, kwana 4 na ƙarshe ya bar su don gyara da lalacewar keke. Wannan ragin ne ya fi burge ni, domin abin da ya kayar da shi bara shi ne karɓar duk abin da aka miƙo masa.

Ya yanko ɗan ƙyalle daga yadina ya manna a shafin, ya rubuta lamba 37 da ranar karɓa, sannan ya ba ni kati mai ɗauke da wannan lambar. Mutum 4 ne a kowace rana, kuma da yamma kawai ake karɓa, don kada masu zuwa tambaya su riƙa tsayar da keke da safe. A gabana wani ya zo yana neman a sa shi gaba. Tela ya ce masa, "Yallaɓai, in na ɗaga ka, wa zan sauke?" Ya nuna masa shafin, mutumin ya haƙura.

Tsarin bai rasa aibi ba. Aikin wuya ba a shagon ake yi ba, wani ake kai wa, kuma littafin bai lissafa jinkirinsa ba. Nawa ya ƙara kwana ɗaya. Ya dai kira ni tun da safe, ban yi zuwan banza ba, amma ya kamata masu aikin wuya a ba su rana mai tazara tun farko.

Kwana 3 kafin ranata na leƙa, na ga an riga an yanka yadin, an ɗaure shi da lambarsa. Da na tarar da shi a naɗe yadda na kawo, da na san ranar ta baki ce kawai.

Da na gwada rigar, kafaɗa ta ɗan matse. Ya sa ni cikin kwanakin gyara, na karɓa saura kwana biyu sallah, maɓallai a cike.