Inda ya kamata a ajiye takardar miƙa aikin rahoto: Word, wiki, README ko bidiyo

Mai nazarin bayanai da zai bar kujerarsa yakan bar wa magajinsa rahoton da ke fita da kansa kowace safiya, kuma abu na farko da zai yanke shawara a kai shi ne inda zai rubuta yadda rahoton ke aiki. Zaɓi huɗu ne aka fi yi: takarda mai zaman kanta a Word ko Google Docs, shafi a wiki na ofis irin Confluence ko Notion, fayil ɗin bayani na README a cikin ma'ajiyar Git, mai riƙe tarihin kowane gyara, kusa da umarnin da ke haɗa rahoton, sai kuma bidiyon da aka naɗa ana nuna allo ana bayani. Duk huɗun suna da kyau a ranar miƙa aiki. Bambancinsu yana fitowa ne ranar da rahoton ya fito da kuskure, wanda ya rubuta shi kuma ba ya nan. Don haka gara a fara da irin wannan rana, sannan a auna kowane zaɓi da ita.

A ce akwai rahoton ciniki da ke zuwa wa manajoji ta imel daga Litinin zuwa Juma'a. Abin da ke tayar da shi layi ɗaya ne a cron, manhajar da ke gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara:

```
0 6 * * 1-5 /opt/reports/run_sales.sh >> /var/log/reports/sales.log 2>&1
```

Ƙarfe 6 ɗin nan na agogon saba ne, wato kwamfutar da aikin ke gudana a kanta. Idan an saita sabar a kan UTC, mutumin da agogonsa ke gaba da awa ɗaya zai ga rahoton da ƙarfe 7. Rahoton ba shi ke kawo bayanan ba. Wani aiki daban ne ke loda cinikin jiya cikin rumbun bayanai, yana farawa 4:30, yana gamawa wajen 5:30. Cron bai san da wannan dangantaka ba, agogo kawai yake kallo. A ranar farko ta wata lodin ya yi nauyi, bai gama ba sai 6:25. Da ƙarfe 6 rahoton ya tashi, ya tarar da layi 26,000 a inda aka saba samun kusan 40,000, ya tara su, ya aika. Babu saƙon kuskure ko ɗaya, domin a wurin kwamfuta komai ya tafi daidai: tambayar da aka yi wa rumbun ta samu amsa, fayil ya fita, imel ya tafi, lambar fita ta zama 0, alamar an gama lafiya. Manaja ne zai fara lura cewa ciniki ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku a dare ɗaya.

Sabuwar ma'aikaciyar da ta gaji aikin tana buƙatar abubuwa uku cikin minti goma. Tana so ta san cewa rahoton ya dogara da wancan lodi, da sunan masu kula da shi. Tana so ta samu tambayar da za ta tabbatar mata da zarginta, wadda za ta kwafa ta liƙa ba tare da ta sake bugawa ba:

```
SELECT COUNT(*), MAX(loaded_at)
FROM sales
WHERE sale_date = CURRENT_DATE - 1;
```

Idan lokacin ƙarshe da aka loda ya wuce 6:00, to rahoton ya riga lodin. Abu na uku shi ne yadda za ta sake gudanar da rahoton ba tare da ta ƙara ɓata lamarin ba. A nan ne akasarin takardu ke yin shiru. Idan umarnin yana ƙara layuka a teburin taƙaitawa da `INSERT` ba tare da ya fara goge na ranar ba, sake gudanarwa zai ninka alƙaluman. Idan kuma aika imel na cikin umarnin, manajoji za su samu rahoto na biyu ba tare da bayani ba. Dole takardar ta faɗi a sarari ko sake gudanarwa ba shi da haɗari, da abin da za a goge kafin nan, da yadda ake hana imel fita.

To, wane wuri ne ya fi ba ta waɗannan ukun?

Takardar Word ko Google Docs ita ce mafi sauƙin farawa, kowa ya iya buɗe ta, kuma tana karɓar hotunan allo da kyau. Matsalarta biyu ce. Ta farko, tana da mai ita. Takardar da aka ƙirƙira a Drive na mutum tana ƙarƙashin asusunsa, kuma idan aka goge asusun ba tare da an mayar da mallakar fayilolin ga wani ba, tana iya tafiya tare da shi. Idan wannan za a zaɓa, a ajiye ta a rumbun da sashen ya mallaka tun daga farko. Ta biyu ta fi ɓoyuwa: Word yakan mayar da alamar zance miƙaƙƙiya zuwa mai lanƙwasa, wani lokaci ya haɗa gajerun layuka biyu na `--` su zama dogo ɗaya. A ido babu bambanci, amma umarnin da aka kwafa daga nan zai ƙi aiki, kuma mai kwafar za ta ɓata lokaci tana zargin saba. Wannan zaɓi ya dace da rahoton da babu umarnin bugawa a cikinsa, wanda duk saitinsa dannawa ne.

Wiki ya warware matsalar mallaka, domin shafin na sashe ne, yana da tarihin gyara, yana da akwatin liƙa umarni da ba ya taɓa haruffa. Babbar fa'idarsa ita ce bincike: wanda ya ga `permission denied for table sales` zai iya liƙa shi a akwatin nema ya faɗo kan shafin. Wannan kuwa yana aiki ne kawai idan marubucin ya kwafi saƙon kuskuren harafi da harafi. Wanda ya rubuta "wani lokaci yakan ƙi shiga rumbun" ya kashe wannan fa'ida da hannunsa. Raunin wiki shi ne nisansa da umarnin. Wani zai mayar da lokacin tashi daga 6:00 zuwa 6:45, ya tafi abinsa, shafin ya ci gaba da cewa 6:00 har shekara ta zagayo. Shafin da ya tsufa ya fi rashin shafi haɗari, tunda magajiya za ta yarda da shi.

README a cikin ma'ajiyar Git shi ne ya fi riƙe gaskiya, saboda gyaran umarni da gyaran bayani suna iya tafiya cikin canji ɗaya, mai duba canjin kuma zai iya cewa "ka canza lokaci, ina gyaran README?" Da `git log README.md` ana ganin ranar da aka taɓa shi a ƙarshe, a kwatanta da ranar da aka taɓa umarnin. Idan tazarar ta yi yawa, alama ce ta a yi hattara. Yana da sharaɗi ɗaya da mutane ke tsallakewa: layin cron ba ya cikin ma'ajiyar sai an sa shi da gangan. Yana zaune ne a kan saba, kuma `crontab -l` na nuna na wanda ya shiga ne kawai. Magajiya za ta duba ta ga babu komai, alhali aikin yana ƙarƙashin sunan wanda ya tafi, sai da `sudo crontab -l -u` da sunan asusun za ta gan shi. Saboda haka README ya faɗi sunan saba da sunan asusun da aikin ke gudana a ƙarƙashinsa, a kuma ajiye kwafin layin a ma'ajiyar. Mafi kyau ma a mayar da aikin kan asusun sashe kafin ranar tafiya, domin rufe asusun mutum yakan tsayar da aikin ko ya yanke masa hanyar shiga rumbun. Kada kalmar sirri ta shiga README ko kusa: abin da ya shiga tarihin Git yana nan ko an goge shi daga fayil. A rubuta inda take ajiye da ranar da za ta daina aiki. Raunin wannan zaɓi a fili yake, manajan da ke karɓar rahoton ba zai buɗe Git ba.

Bidiyo ba ya buƙatar dogon zance. Yana da amfani wajen nuna inda ake dannawa, amma ba a kwafar umarni daga cikinsa, ba a gyara minti na 17 idan wani abu ya canza, kuma babu mai kallon minti 40 alhali ana kiransa a waya. Ƙari ne a kan rubutu, gajere, aiki ɗaya a kowane bidiyo.

Abin da zai raba gardama shi ne inda rahoton kansa yake zaune. Idan umarni ne da ake gyarawa a Git, ko cron ke tayar da shi ko Airflow, README ne gidan bayanin, sai a buɗe gajeren shafi a wiki don masu karɓar rahoton: lokacin da yake zuwa, wanda za a tuntuɓa idan bai zo ba, da hanyar zuwa README. Kada a kwafi cikakken bayanin a wurare biyu, ɗaya zai tsufa. Idan kuwa rahoton yana cikin manhaja irin Power BI, inda babu ma'ajiyar da ake taɓawa kullum, wiki ya fi dacewa, kuma abubuwan da za a rubuta sun bambanta. Power BI yana kashe jadawalin sabunta bayanai bayan ya faɗi sau 4 a jere, kuma yana dakatar da shi idan aka yi wata 2 babu wanda ya buɗe rahoton. Saƙon faɗuwa yana zuwa ne ga mai mallakar bayanan, sai in an ƙara wasu adireshi. Idan mai mallakar shi ne wanda ya tafi, saƙon zai riƙa faɗawa akwatin da babu mai buɗewa, allon kuma ya ci gaba da nuna tsofaffin alƙaluma kamar sababbi.

Ko wane aka zaɓa, sashen lalacewa ya kamata a tsara shi bisa abin da ido zai gani, ba bisa sassan tsarin ba, domin magajiya daga alama take farawa. "Rahoto bai zo ba" babi ne guda: a duba ko `sales.log` yana da layin yau. In babu, aikin bai tashi ba sam, sai a tambaya ko sabar tana kashe da ƙarfe 6, tunda cron ba ya rama aikin da ya wuce shi. In akwai layi mai `command not found` alhali umarnin yana aiki idan an buga shi da hannu, dalilin shi ne cron yana gudana da gajeren `PATH`, wato jerin wuraren da ake neman umarni, maganin kuma a rubuta cikakkiyar hanyar fayil. "Rahoto ya zo amma alƙaluma sun yi ƙasa" babi ne na biyu, kuma a nan za a rubuta adadin layukan da aka saba gani a ranar aiki da na ƙarshen mako, domin wadda ba ta san 40,000 ba ba za ta ga aibin 26,000 ba.

Kafin a sa hannu a kan miƙa aikin, a gwada zaɓin. Magajiya ta zauna da takardar ita kaɗai, ta shiga da asusunta, ta nemo layin jadawalin, ta gudanar da tambayar ƙirga layuka, ta sake fitar da rahoton wata rana da ta wuce ba tare da imel ya fita ba. Mai barin aikin yana kusa amma ba ya magana. Duk inda ta tsaya, ko don ba ta da izinin shiga ko don wani mataki yana kansa ne kawai, a rubuta shi a take, sannan ta sake farawa daga matakin farko.